AMSOSHIN WASIƘUNKU: Hannun Jari Na Halal, Da Yadda Ake Saye A Ajiye

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a garin Kaya, ta ƙaramar hukumar Maradun. Ya ce shinkafa yake nomawa, yana kuma taɓa saye da sayarwa a kasuwar Talata Mafara. A da, in ya sami rara, shanu yake saya ya ajiye, amma yanzu saboda halin da daji yake ciki, ajiyar dabba ta zama ajiyar fargaba. In kuma ya bar kuɗin a banki, tsadar kaya ta cinye su. Ya ce ɗansa da ke karatu a Gusau ya ba shi shawarar sayen hannun jari. Tambayarsa biyu ce. Ta yaya zai gane kamfanin da ya halatta ya sa kuɗinsa? In kuma ya gane, yaya ake saye a ajiye shekara da shekaru ba tare da an yi asara ko an faɗa haram ba? Mun sami irin wannan tambaya daga Bakura ma, saboda haka za mu haɗa su mu amsa.

To Malam, mun gode da wasiƙa. Da farko, hannun jari ba rance ba ne ka ba kamfani. Tarayya ce. In ku goma kuka haɗa kuɗi kuka sayi injin casar shinkafa, kowa yana da kashi ɗaya cikin goma na injin, da ribarsa, da asararsa. Haka abin yake a babban kamfani, illa dai masu shi dubbai ne, kuma ana sayar da kason a kasuwar hannun jari ta Nijeriya da ke Legas, wadda tun 2021 ake kira NGX. Tun da kai abokin tarayya ne, abin da kamfani ya aikata da kuɗinka ya shafe ka. Nan ne maganar halal ta shigo.

RARIYA TA FARKO: SANA'AR KAMFANI

Ana tankaɗe kamfanoni ne kamar yadda uwargida ke tankaɗe gari, rariya bayan rariya. Ta farko mai manyan idanu ce, kuma kowa zai iya riƙe ta. Tambayar ita ce, mene ne ainihin abin da kamfanin ke sayarwa? Mai yin giya, ko taba, ko harkar caca, ko naman alade, ya fita. Bankunan da ke ba da rance da kuɗin ruwa sun fita, haka ma kamfanonin inshora irin na gargajiyar Turawa. A kasuwarmu wannan rariya kaɗai tana zubar da kaya masu yawa, domin bankuna na daga cikin hannayen jarin da aka fi ciniki a kansu. Abin da ke wucewa shi ne irin su siminti, sukari, gishiri, manja, sadarwar waya, da bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa kamar Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 aka kuma sa hannun jarinsa a kasuwa a 2017.

RARIYA TA BIYU: LISSAFIN KUƊI

Ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin siminti sana'arsa halal ce, amma da wuya ka sami babban kamfanin da bai ci bashin banki mai ruwa ba, ko bai ajiye kuɗi a inda ake ba shi ruwa ba. A kan wannan malamai sun rabu gida biyu, kuma ya kamata ka san haka tun kafin ka sa ƙafa. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce asalin hukuncin shiga kamfanin da ke taɓa kuɗin ruwa, ko da jefi-jefi ne, hani ne. Wasu malaman kuma suka yi rangwame saboda bukatar jama'a, da sharaɗin haram ɗin ya zama kaɗan ne, kuma a fitar da shi daga riba. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ita ta rubuta iyakokin da aka fi bi. Wanda zuciyarsa ta kwanta da ra'ayin farko, sai ya tsaya kan kamfanonin da ba su taɓa ruwa sam, ko takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Wanda ya bi na biyu, ga ma'auni uku.

Na ɗaya, bashi mai ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa. Na biyu, kuɗin da ya ajiye a inda ake ba shi ruwa su ma kada su wuce kashi 30 na wannan daraja. Na uku, abin da ke shigo masa ta hanyar haram kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na duk kuɗin da ya samu a shekara. Wasu masu tankaɗen suna amfani da kashi 33 a maimakon 30, shi ya sa za ka ga kamfani ɗaya ya wuce a wannan jeri ya faɗi a wancan.

Bari mu buga misali da kamfanin da muka ƙirƙira don bayani kawai. A ce kamfanin casar shinkafa ne mai hannun jari miliyan 1,000, kowane ɗaya ana sayar da shi naira 50. In ka ninka, darajarsa a kasuwa naira biliyan 50 ke nan. Ana bin sa bashi mai ruwa na biliyan 12. Biliyan 12 cikin 50 kashi 24 ne, ya wuce ma'auni na ɗaya. Ya ajiye biliyan 6 a banki mai ba da ruwa, kashi 12 ke nan, ya wuce na biyu. A shekara ya sami biliyan 40, a ciki miliyan 800 kuɗin ruwa ne na waccan ajiya. Wannan kashi 2 ne, bai kai 5 ba. To, ya tsallake duka ukun.

Ina ake samun waɗannan lambobi? A rahoton shekara da doka ta wajabta wa kowane kamfanin da ke kasuwa ya fitar, ana kuma samunsa kyauta a shafin kamfanin da na NGX. Da Turanci ake rubuta shi, saboda haka ka sa ɗanka ya nemo maka layin da aka rubuta `Borrowings`, shi ne bashi, da layin `Finance income`, inda galibi kuɗin ruwan da aka samu ke zama, da kuma `Revenue`, wato cinikin shekara. Ka ce masa bashin wuri biyu yake bayyana, na kusa da na nesa, sai an haɗa su. Masu yawa a nan suke kuskure, su ɗauki ɗaya su bar ɗaya.

In wannan lissafi ya yi maka nisa, akwai jeri da aka riga aka tankaɗe. A 2012 kasuwar ta haɗa kai da kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa, suka fito da jerin da ake kira NGX Lotus Islamic Index. Bai wuce kamfanoni 15 ba, akwai malamai masu sa ido a kansa, kuma ana sake duba shi sau biyu a shekara. Sunaye irin su simintin Dangote, simintin BUA wanda ya haɗe da tsohon kamfanin simintin Sakkwato na Kalambaina, MTN, Jaiz, da kamfanonin manja na Okomu da Presco sun sha bayyana a ciki. Amma kada ka dogara da sunayen da ka ji a rediyo. Ka nemi jerin da ke aiki a ranar da za ka saya.

WANKE RIBA

Kashi 2 ɗin nan na ruwa da muka gani, rangwamen bai mai da shi halal ba. Dole a fitar da shi. A ce ka sayi hannun jari 2,000 a wancan kamfani, naira 100,000 ke nan. Kamfani ya raba ribar naira 4 a kan kowane ɗaya, rabonka naira 8,000, gwamnati ta cire harajinta na kashi 10, ka karɓi 7,200. Hanya mai sauƙi da wasu ke bi ita ce a fitar da kashi 2 na 8,000, wato naira 160. Amma ƙa'idar AAOIFI ta fi haka tsanani. Ta ce a raba miliyan 800 ɗin duka a kan hannayen jari miliyan 1,000, kowane ɗaya ya tashi da kwabo 80. Naka 2,000 sun tashi da naira 1,600, kuma za ka fitar ko kamfani ya raba riba a shekarar ko bai raba ba. Ka ga tazara ce ta ninki goma. Dalilin masu tsanantawa shi ne, ruwan da bai zo hannunka ba yana nan cikin dukiyar kamfani, kai kuwa kana da kaso a cikinta. Ka zaɓi hanya ɗaya da shawarar malamin da ka yarda da shi, ka tsaya a kanta. Kuɗin kuma a ba mabukata ko aikin amfanin jama'a, ba ka ci, ba ka biya bashinka da su, ba ka kuma lissafa su cikin zakka.

SAYE A AJIYE

Yanzu mu zo tambaya ta biyu. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, rariya halal take nuna maka, ba ta nuna riba. Kamfani yana iya zama tsarkakakke ya kuma karye. Saboda haka bayan tankaɗe sai zaɓe, kamar yadda ba kowace saniya mai lafiya ce ake saya don kiwo ba. Ka duba shekara biyar na baya. Yana cin riba a kai a kai? Yana raba ta? Abin da yake sayarwa mutane za su ci gaba da bukata ko da an shiga matsi? Simintin Dangote, alal misali, ya raba naira 20 a kan kowane hannun jari na shekarar 2022, da naira 30 na 2023. Irin wannan tarihi ake nema, ko da yake abin da ya wuce ba alkawari ne na gobe ba.

Me ya sa ake cewa a ajiye, ba a riƙa juyawa ba? Domin duk saye da duk sayarwa akwai la'ada. Tsakanin dillali da hukumomi, kusan naira 2 ce a kowace 100 wajen saye, da ɗan abin da ya fi haka wajen sayarwa, ko da yake wasu dillalai na ragewa. Mai shiga da fita sau biyar a shekara ya ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa tun bai ga riba ba. Ban da haka, kai kana gona ko kana kasuwa, ba ka da lokacin zaman kallon farashi. Dama ita harkar saye da safe a sayar da yamma a kan jita-jita ta fi kusa da caca a kan tarayya.

A ce bayan ka sayar da shinkafar rani ka sami rarar naira 500,000. Ka fara ware kuɗin taki, da iri, da man injin ban ruwa, da abincin gida, da na ko-ta-kwana. Abin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar zuwa sama shi kaɗai ke shiga wannan harka. A ce 300,000 suka rage. Kada ka zuba su lokaci guda. Ka kasa uku, ka sayi kashi ɗaya yanzu, ɗaya bayan kaka, ɗaya bayan rani mai zuwa. Ta haka in ka faɗa a tsada sau ɗaya, wataƙila ka faɗa a araha a na gaba.

Sannan kada ka tara su a sana'a guda. Jerin halal na Nijeriya gajere ne, kuma 'yan manyan kamfanonin siminti da na waya da na abinci ne suka fi nauyi a ciki. Mutum na iya sayen kamfanoni uku ya ɗauka ya rarraba, alhali duka ukun siminti ne, abin da ya sami ɗaya zai sami sauran. Ka ɗauki huɗu ko biyar daga sana'o'i daban-daban: siminti ɗaya, waya ɗaya, abinci ɗaya, manja ɗaya. In jarinka ƙarami ne, akwai asusun Lotus Halal Equity ETF da aka sa a kasuwa a 2014, wanda ke bin jerin nan gaba ɗaya. Saye ɗaya ya ba ka ɗan kaso a duka, amma masu kula da shi na cire ladarsu duk shekara. Ka kuma sani, shekarar da bankuna suka yi tashin gwauron zabi, kai kallo ne naka. Wannan shi ne abin da ka yarda ka bari tun farko, kada ya dame ka.

AJIYA BA MANTUWA BA CE

Wannan shi ne zuciyar maganar, Malam. Mai rumbu ba ya liƙe shi ya tafi shekara uku, yana leƙawa ko ƙwari sun shiga. Kamfanin da ya wuce rariya bana yana iya maƙalewa baɗi, kuma ta hanya biyu.

Ta farko, faɗuwar farashi. Mu koma kamfaninmu na misali. In farashi ya sauka daga naira 50 zuwa 35, darajarsa ta koma biliyan 35. Bashin yana nan biliyan 12, ko kwabo bai ƙara ba, amma yanzu ya zama kashi 34, ya haura iyaka. Ka ga matsalar: ƙa'ida na cewa ka fita daidai lokacin da kaya suka yi araha. Don rage wannan ne wasu masu tankaɗe ke amfani da matsakaicin farashi na shekara ɗaya ko biyu maimakon na rana guda. Dabarar da ke hannunka kuwa ita ce tun wajen saye ka fifita mai bashi kaɗan. Wanda ke kashi 10 yana da filin juyawa, wanda ke kashi 28 kuwa a bakin rijiya yake.

Ta biyu, bashin dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,400. Kamfanin da ake bi dala miliyan 10, bashinsa ya tashi daga biliyan 4.6 zuwa sama da biliyan 14 ba tare da ya ranci komai ba. Abin da ya jefa manyan kamfanoni irin su MTN da Nestle na Nijeriya cikin asara ke nan a 2023 da 2024, har rabon riba ya tsaya, kafin MTN ya dawo cin riba a 2025. Saboda haka in ɗanka na duba bashi, ya duba nawa ne na dala.

Ka sa wa kanka lokacin leƙa rumbu sau biyu a shekara: kafin saukar damina, lokacin da yawancin rahotannin shekara suka fito, da kuma bayan kaka. In kamfani ya canja sana'a ya shiga haram, ka fita ba jinkiri. In ma'aunin bashi ne ya ɗan haura, yawancin kwamitocin malamai na ba da wa'adin 'yan watanni a gani ko zai gyaru, in bai gyaru ba a sayar, a mai da kuɗin ga wani da ke cikin jeri. In kuma sana'ar ce da kanta ta lalace, asara shekara bayan shekara ba alamar farfaɗowa, shi ma dalili ne. Ban da waɗannan ukun, saukar farashi kaɗai ba ta isa ta sa ka sayar ba.

Amma haƙurin da ake nema ba ƙarami ba ne. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka ya faɗo kusan 20,000, kuma bai koma inda yake ba sai a 2023. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari, aka sayar da kayansu a farashin banza, bashi kuma na nan. Mai bin ƙa'idar halal ya tsira daga wannan tarko, tun da rancen ruwa haramun ne a gare shi tun asali. Wani lokacin ma ajiyar kan ƙare ba da sonka ba: a 2024 manyan masu kamfanin Flour Mills suka sayi kason ƙananan masu jari, aka cire shi daga kasuwa.

Daga ƙarshe, hanyar shiga. Ba a saye sai ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC, kuma sunayensu na nan a shafinta. Zai buɗe maka asusu a ma'ajiyar CSCS da sunanka, a ba ka lambar CHN. Za a nemi BVN da NIN, ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a duka, domin bambancin suna na daga cikin abin da ke sa ribar mutane ta maƙale. Ka cika takardar da za ta sa riba ta riƙa faɗawa asusunka na banki kai tsaye. Ka rubuta komai a littafi, iyalinka su san inda yake, don magada da yawa ba su san mahaifinsu ya bar hannun jari ba. Duk wanda ya ce maka zai ninka kuɗinka a wata ɗaya, ko ya yanke maka riba tabbatacciya kowane mako, ko da ya yi rantsuwa ya kira ta halal, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025. Tarayyar gaskiya ba ta da riba yankakkiya. Zakka kuma tana nan, sai dai hukuncin mai juya kaya kullum daban yake da na mai ajiyewa yana jiran kasuwa, kamar yadda yake a littattafan Malikiyya, sai ka kai lissafinka ga malami ya yanke maka.

To, Malam na Kaya da 'yan'uwa na Bakura, da fatan kun gamsu. Masu wasu tambayoyin su ci gaba da aiko mana. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.